Babi na Shida: Gane Na'urar Awon Suga da ta Hawan Jini daga Hoto

Darasi na ɗaya: wace na'ura ce a hoton?

Sannunku da zuwa. Yau kowa ya fito da wayarsa. A ce mahaifiyarka tana Gidar, kai kana nan Garwa, sai ta sa jikanta ya turo maka hoton na'urarta da saƙo cewa kayan awo sun ƙare, ka saya ka aiko. Me za ka duba a hoton nan?

Da farko ka gane ko wace iri ce. Na'urar hawan jini, wadda muke cewa ta tansiyon, tana da bututun roba da ya tafi zuwa maɗaurin da ake naɗawa a dantse. A gefen gilashinta za ka ga SYS da DIA. Akwai kuma irin da ake ɗaurawa a wuyan hannu, ita ba ta da bututu. Na'urar suga kuwa ƙarama ce, tana shiga tafin hannu, kuma tana da ɗan baki inda ake zura siririn abin da ke shan ɗigon jini. Wannan siririn abu shi ne bandalet. A kwali za ka ga an rubuta Bandelettes. Yau a kansa za mu daɗe.

Darasi na biyu: na'ura tana da suna biyu

Nan ne kusan kowa ke tuntuɓe, don haka kada wanda ya ji kunya. Na'urar suga tana da sunan gida, tana da sunan yanka. Sunan gida shi ne na kamfani, an rubuta shi da manyan baƙaƙe, ido yana saurin kama shi. Sunan yanka yana kusa da shi, sau da yawa ƙarami ne ko a karkace. Idan ka je unguwa ka ce kana neman ɗan gidan Alhaji, ai za a tambaye ka wanne daga ciki. To haka mai farmasi zai tambaye ka.

Ga misali a allo. Accu-Chek sunan gida ne. A gidan akwai Active, akwai Performa, akwai Instant. Bandalet ɗin ɗaya ba ya aiki a cikin ɗaya, ko da yake gidansu guda. Haka OneTouch: akwai Select, akwai Select Plus. Wannan Plus ɗin, baƙaƙe huɗu kawai, ya raba su. Ka karanta suna na biyu. Idan akwai na uku, shi ma ka karanta.

Wani ɗalibina na bara, magidanci mai natsuwa, an turo masa hoton na'urar babarsa. An ɗauka da dare, hasken waya ya haske gilashin, babban yatsa kuma ya rufe ƙasan rubutun. Abin da ya fito sarai shi ne Accu-Chek. Ya kwafa daidai, babu kuskure ko ɗaya, ya je ya sayo kwali mai guda 50 na Performa, ya ba direba ya kai. Na'urar inna kuwa Active ce. An buɗe kwali, an zura, babu awo. Kwalin da aka buɗe ba a karɓa a mayar. Kuɗi sun tafi, inna ta yi kwanaki ba ta auna ba. Na ce masa, Malam, karatunka bai yi laifi ba, tsayawa ka yi a rabin suna.

Saboda haka hoto ɗaya ba ya isa. Ka ce a turo uku, da rana, a inuwa, ba yatsa a kan rubutu. Na farko fuskar na'urar gaba ɗaya. Na biyu bayanta, inda aka manna 'yar takarda. Na uku tsohon gwangwanin bandalet da ya ƙare. Wannan na uku ya fi sauran amfani, domin cikakken suna yana jikinsa. Ku gaya wa mutanen gida su daina jefar da shi.

Idan hoto ya zo, ka sa yatsu biyu a kan gilashin waya ka buɗe su, rubutun zai girma. Ka kwafi sunan a takarda baƙi bayan baƙi. Ko ba ka iya furta shi ba, ba komai, ba karatun Faransanci muke yi ba. Kwafi sunan gida, ka bar fili, ka kwafi suna na biyu, ka ja masa layi a ƙasa. A bayan na'ura za ka ga SN da dogon lamba. Wannan lambar na'urarka ce ita kaɗai, ba da ita ake sayen bandalet ba, ka ƙyale ta.

A farmasi ka aza takardarka kusa da kwalin kafin ka biya. Yatsa ɗaya a takarda, yatsa ɗaya a kwali. Suna na farko ya yi daidai? To. Suna na biyu fa? Idan mai sayarwa ya ce duk ɗaya ne, ka ce masa da girmamawa, ɗan'uwa, mu duba suna na biyu tare.

Na faɗi wannan a makon jiya, na faɗa shekaranjiya, amma da na duba littattafanku mutum huɗu sun rubuta OneTouch sun ajiye biro. Haba jama'a! Launin kwali ba suna ba ne. "Mai kama da na da" ba suna ba ne. Ku sake, ina jira.

Darasi na uku: abu biyu a kan kwali

Nemi ɗan zane mai kama da turmi biyu da aka haɗa gindi da gindi, ko kalmar EXP. Lambar da ke kusa ita ce ranar lalacewa: 2026-08 na nufin wata na 8 na shekarar 2026. Idan ta wuce, kada ka saya. Bandalet kuma ba ya son zafin da ya haura digiri 30, ku kuwa kun san Garwa a watan Afrilu, don haka wanda aka shanya a tebur cikin rana a bar shi. Wasu na'urori, kamar On Call Plus, kowane kwali yana zuwa da ɗan maɓallin lamba. A cire tsohon a sa sabon, a duba lambar da ta fito a gilashi ta yi daidai da ta gwangwani.

Darasi na huɗu: maɗaurin tansiyon

A kwali sunansa Brassard. Hoto ba ya nuna kaurin dantse, sai an auna. A ari tef ɗin tela, a zagaye dantse a tsakiya, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. A jikin tsohon maɗaurin akwai lamba kamar 22-32 cm. Idan dantse ya kai 35, wannan ya yi kaɗan, sai a nemi 32-42 cm ko 22-42 cm. Maɗaurin da ya matse yana ƙara awo, sai a ce jini ya hau fiye da yadda yake. Bakin bututu ma ya bambanta daga na'ura zuwa na'ura, a ɗauke shi hoto. Lambar da ke nuna irin na'urar tana ƙasanta. Ta kamfanin Omron tana farawa da HEM-.

Darasi na biyar: aikin gida

Nemo kwalin bandalet ko na'ura a gidanku ko maƙwabta. Kwafo sunan, ka ja layi a ƙarƙashin na biyu. A kawo ranar Asabar.