Darasi Na Tara: Wasiƙar Neman La'adar da Ba a Biya Ba

Wakilin sayarwa yana ɗaukar kayan wani ya kai wa masu saye, ladansa kuma shi ne la'ada, ko kamasho kamar yadda 'yan kasuwa ke cewa. Idan biya ya yi jinkiri, yawancinmu baki muke sawa, yau a ce ka dawo gobe, gobe a ce akawu ba ya nan. Wasiƙa ta fi ƙarfi, amma sai idan maigida zai iya ɗaukar biro ya bi lissafinka da kansa ya samu daidai. Shi ya sa take tafiya da takardu biyu: jerin ciniki da shaidar abin da aka yi yarjejeniya a kai.

Mu ɗauki misalin wani wakili da ke sarar wa 'yan tireda sabulu a Wudil da Gaya. Maigidansa babban ɗan kasuwa ne a Kano. Katan ɗaya Naira 8,000 ne, la'adarsa kashi 5 cikin 100. Ga jerin da ya fitar daga littafinsa:

8 ga Maris, Wudil, katan 50, rasit mai lamba 112: Naira 400,000
22 ga Maris, Gaya, katan 30, rasit mai lamba 131: Naira 240,000
19 ga Afrilu, Wudil, katan 45, rasit mai lamba 160: Naira 360,000
Jimla: katan 125, Naira 1,000,000

A nan ne ake yawan tuntuɓe. Katan 5 ruwa ya taɓa su, mai saye ya dawo da su, an mayar masa da Naira 40,000. Wakili ba shi da la'ada a kansu, don haka cinikin gaskiya Naira 960,000 ne. Kashi 5 cikin 100 na nufin Naira 50 a kowace dubu ɗaya. Naira 50 sau 960 ya ba da Naira 48,000. An taɓa ba shi Naira 15,000 kafin Sallah, ita ma a cire. Saura Naira 33,000. Ka cire waɗannan da hannunka tun kafin a cire maka. Idan akawu ya gano ka ƙara ko Naira dubu biyu, zai ajiye takardar gaba ɗaya ya ce sai an yi bincike. Haka kuma ka duba ko yarjejeniyarku ta ce la'ada sai kuɗi ya shigo. In haka ne, kayan da aka ɗauka bashi ba sa shiga jerin tukuna.

Ga wasiƙar:

Wudil, 6 ga Mayu, 2024

Ranka ya daɗe Alhaji,

NEMAN RAGOWAR LA'ADATA TA WATANNIN MARIS DA AFRILU

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina tunatar da kai yarjejeniyar da muka sa wa hannu a watan Fabrairu, cewa za a riƙa ba ni kashi 5 cikin 100 na kuɗin sabulun da na sayar. A watannin nan biyu na yi cinikin Naira 960,000 bayan cire katan 5 da aka dawo da su. La'adata ta kama Naira 48,000. Na karɓi Naira 15,000, saura Naira 33,000.

Na haɗo da jerin cinikin da lambobin rasit, da kwafin yarjejeniyar. Ina roƙon a biya ni zuwa ranar 20 ga Mayu, 2024. Idan akwai inda lissafina ya saɓa da littafin shago, a kira ni mu zauna mu duba.

Na gode, Allah Ya ƙara buɗi.

Naka mai biyayya,
sa hannu, cikakken suna da lambar waya

Ka lura babu faɗa a ciki, babu labarin kuɗin haya ko rashin lafiyar yara. Haƙƙinka kake nema, kuma gobe ma kuna tare.

To, idan da baki kuka yi yarjejeniyar fa? Haka ciniki da yawa yake a kasuwanninmu. Sai ka faɗi ranar da aka yi maganar da sunan wanda ya shaida. Saƙon waya da aka ambaci kason shi ma shaida ne. Biyan da aka yi maka a baya ya fi duka: in an taɓa ba ka Naira 10,000 a kan cinikin Naira 200,000, wannan ya nuna kashi 5 ne.

Kada ka miƙa takardunka na asali, kwafi za ka bayar. Ka yi wasiƙar biyu, wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan taka, ka adana ta.

Aiki: Wata mata ta sayar da atamfa ta Naira 300,000 a kan kashi 4 cikin 100. An dawo da ta Naira 50,000, kuma an riga an ba ta Naira 3,000. Nawa ya rage mata? Rubuta mata wasiƙa zuwa ga Hajiya mai kayan.