Yadda ake dawo da rikodar kamarar tsaro kan waya bayan an ɗauke wuta

An ɗauke wuta, an tada janareta ko an dawo da ita, kamarori suna nunawa lafiya lau a talabijin ɗin shago, amma manhajar waya ta kafe a kan Offline. Kada ka yi saurin goge na'urar daga manhaja, kada kuma ka mayar da rikodar saitin kamfani. Tunda hoto na fitowa a talabijin, kamarorin ba su da laifi. Hanyar da ke tsakanin rikoda da intanet ce ta yanke, ita za a bi.

Fara da rauta, wato na'urar da ke ba rikoda intanet. Haɗa wayarka da ita, ka kashe datar layinka, ka buɗe kowane shafi. In bai buɗe ba, ko data ta ƙare ko rautar ba ta kama sabis ba, rikoda ba ta da hannu a ciki.

In ya buɗe, to yawanci rige-rige ne aka yi. Da wuta ta dawo, rikoda kan riga rauta tashi, musamman rauta mai sim wadda sai ta ɗauki minti ɗaya ko biyu tana neman sabis. Rikoda ta nemi adireshi, wato lambar da rauta ke ba kowace na'ura, ba wanda ya amsa mata, wasu kuwa ba sa sake tambaya. Maganin shi ne ka kashe duka biyun, ka kunna rauta ita kaɗai, ka jira fitilar intanet ɗinta ta tsaya, sannan ka kunna rikoda. Kana nan ka leƙa bayan rikodar inda kebul ɗin intanet ya shiga. Akwai 'yar fitila a bakin ramin ko a gaban na'urar, ya kamata ta kama tana ƙyaftawa. In a mace take, canja kebul, canja rami a jikin rauta. In duk da haka shiru, mai yiwuwa wutar da ta dawo da ƙarfi ta ƙona ramin, wannan kuma sai mai gyara.

Fitila na ci amma har yanzu Offline? Ɗauki linzamin rikoda ka shiga Network a saitinta, ka duba TCP/IP. A ce shagon magani ne a Ƙofar Ƙaura, kamara takwas, rautarsa 192.168.0.1. Adireshin rikoda dole ya fara da 192.168.0, Gateway kuma ya zama 192.168.0.1 daidai. In ka tarar da 0.0.0.0 ko lamba mai farawa da 169.254, ba ta samu adireshi ba. In ka tarar da 192.168.1.108, wato adireshin da na'urorin Dahua ke zuwa da shi daga kamfani, saitin ne ya koma na asali, ita da rautar ba sa jin juna. Sa alama a DHCP don rauta ta ba ta adireshi da kanta, ka adana, ka sake kunna ta. A gurbin DNS ka sa 8.8.8.8, don sau da yawa adireshi daidai ne, amma rikoda ta kasa gano sabar kamfaninta saboda gurbin nan fanko ne.

Sai abin da aka fi mantawa, agogo. Dubi kwanan watan da ke kusurwar hoton. In ya koma 1970 ko 2000, ƙaramin batirin da ke cikin rikoda ya mutu. Mai kama da kwabo ne, galibi CR2032 ko CR1220, lambarsa na rubuce a jikinsa. Muddin akwai wuta ba za ka san ya mutu ba, sai ranar da aka ɗauke. Na'urar da kwanan watanta ya kauce haka kan kasa ƙulla amintacciyar hanya da saba. Gyara kwanan wata da hannu, zaɓi GMT+01:00, kunna NTP don ta riƙa gyara agogo daga intanet, sannan a canja batirin. Ni wannan ya fi rashin kallo a waya damuna, domin in aka yi sata ka je neman hoton daren Talata, za ka tarar an ajiye shi a shekarar da ba a ma gina shagon ba.

Daga nan koma shafin haɗin manhaja, Platform Access a Hikvision, P2P a Dahua. Tabbatar Enable na kunne, ka ba shi minti biyu zuwa uku ya koma Online, sannan ka ja allon manhajar ƙasa ya sabunta.

A Katsina inda ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareta sau da yawa a yini, abin zai ci gaba da dawowa in ba a raba na'urorin da yankewar wuta ba. Ɗora rikoda da rauta a kan inbata ɗaya. In kuɗi bai kai ba, sayi ƙaramin batirin ajiya na rauta, ka tabbatar ƙarfinsa ya dace da abin da ke rubuce a jikin cajarta, yawanci bolt 12. Rauta ba za ta mutu ba, duk lokacin da rikoda ta tashi za ta tarar da mai ba ta adireshi.