Kurakuran da aka fi yi wajen ba da lambar wuri a taswira

Duk shekara idan jarrabawar WAEC ta matso, ina duba aikin taswira na ɗalibaina a nan Kano, kuma abin da ke damuna shi ne yaro ya gano wurin daidai amma ya rubuta lambar wani wuri dabam.

A ce akwai rijiya a taswira mai ma'aunin 1:50,000, tana tsakanin layukan tsaye 44 da 45, da kuma layukan kwance 17 da 18. Layukan tsaye, waɗanda lambobinsu ke ƙaruwa zuwa gabas, su ake fara karantawa, sannan na kwance masu ƙaruwa zuwa arewa. Amsar ita ce 4417. Wanda ya juya ya rubuta 1744 ya kai mai neman rijiyar kilomita 27 yamma, ya ƙara masa 27 arewa, domin kowane akwati da layukan suka yi a taswirar kilomita ɗaya ne ta kowane gefe. Nakan ce musu sai ka bi zaure ka shiga gida kafin ka hau bene.

Wasu kuma su rubuta 4518. Sun ɗauki layin dama da na sama ke nan, alhali akwati yana samun lambarsa ne daga kusurwar hagu ta ƙasa, wato kudu maso yamma.

Lambar wuri mai lambobi shida, wadda ke nuna inda abu yake a cikin akwatin, ita ce ta fi wahalar da su. Gefen akwatin santimita 2 ne a takarda, idan aka kasa shi goma kowane kashi milimita 2 ne, mita 100 a ƙasa. Ɗora rula a kan layi 44 ka auna zuwa dama: rijiyar tana milimita 6, kashi 3 ke nan, sai ka rubuta 443. Daga layi 17 zuwa sama milimita 16, kashi 8, wato 178. Haɗa su, 443178.

A nan da yawa suke rubuta 4417 tukuna, su liƙa 3 da 8 a ƙarshe, ya zama 441738. Raba wannan gida biyu ka gani: 441 da 738, ka bar layi 17 ka koma layi 73, wanda mai yiwuwa ma babu shi a takardar. Gwajin da nake koya musu shi ne su rufe lamba ta uku da ta shida da yatsa. Abin da ya rage dole ya zama 4417, in ba haka ba akwai kuskure.

Idan rijiyar tana kan layi 44 daidai, kada ka tsallake sifili: 440178 za ka rubuta, ba lamba biyar ba. Kuma duba ma'aunin kafin ka ɗauki rula, domin a taswirar 1:25,000 gefen akwatin santimita 4 ne, kowane kashi milimita 4.