Yadda za ki rage kalma 300 a labarinki ba tare da kin taɓa naman labarin ba

A ce kin gama labari ya kai kalma 1,800, gasar kuma irin Hikayata ta BBC Hausa ce da ba a son ya wuce 1,500. Don Allah 'yar'uwa kar ki yi saurin goge fitowa guda sukutum, galibi 300 ɗin nan suna kwance ne cikin abin da kika faɗa sau biyu.

Da farko ki adana kwafin asali daban. Sai ki yi lissafi: 300 cikin 1,800 kalma ɗaya ce cikin kowace shida, in sakin layinki 30 ne, goma goma kenan.

Ki fara da babban maimaici, nan ribar take. Kin nuna mana yadda aka kori Binta daga gidan miji a Ƙofar Ƙaura, mun gani da idonmu, sai kuma ta iso Daura ta zauna gaban Inna ta sake zayyano komi tun daga farko, mai karatu fa ya riga ya sani! Ki ce "ta kwashe komi ta faɗa ma Inna", ki bar abin da Inna ta ce kawai, don shi ne sabo. Nan kaɗai kina iya samun ɗari ko fiye. Haka doguwar gaisuwa, ina kwana ya gajiya ya yara, "suka gaisa" ya isa, sai fa in cikin gaisuwar ne za a gane akwai tsama tsakaninsu.

Daga nan ki sauko cikin jimloli. Duba wannan: "Ran Hajiya ya ɓaci ƙwarai, ta yi fushi sosai, ta tashi cikin fushi ta fita ta bar ɗakin." Kalma 18 ce, an faɗi fushi sau uku, fita sau biyu. "Hajiya ta tashi cikin fushi ta bar ɗakin" 8 ce, ga goma kin samu kuma ba abin da ya ɓata.

Ƙarshe ki danna Ctrl+F a Word ki nemo kalmomi irin su "wato", "daga nan", "a gaskiya", ki cire waɗanda ba aikin da suke.

Kowane yanka ki tambayi kanki, akwai abin da mai karatu ya sani da, yanzu bai sani ba? In akwai to nama kika yanka, maida shi. Sannan ki karanta a bayyane, don inda aka fi samun matsala shi ne an cire suna ya rage "ta ce mata, ta ce mata" ba a san wa ke magana ba, nan ki maida sunan ko da zai ci kalma biyu. Maimaicin da kika yi da gangan kuwa, kamar kalmar da uwa ke nanatawa cikin kuka, ni dai ban yarda a taɓa shi ba.