Yadda ɗalibin jami'a zai zaɓi manhajar ajiye rubutun lakca a ƙaramar waya

Wayar da muke magana a kai ita ce mai RAM giga 2 ko 3 da ma'ajiya giga 32, wadda WhatsApp da hotuna suka riga suka cinye rabinta. Ɗalibin da ke riƙe da ita yana son abu uku: ya nemo kalma cikin rubutun zango guda, ya ware rubutunsa da alamomi, kuma komai ya buɗe ko data ta ƙare ko sabis ya ɗauke a ɗakin lakca.

Mataki na farko shi ne rage jerin. Evernote na kyauta tun Disamba 2023 ya tsaya a rubutu 50 da littafi ɗaya, wanda ba zai kai ka tsakiyar zango ba. Notion kuwa an gina shi ne a kan intanet. A 2025 aka ƙara masa aiki ba tare da sabis ba, kuma sai ka zaɓi shafukan da za a sauke tukuna, ga shi da nauyi a kan ƙaramar waya. Saura huɗu: Google Keep, Simplenote, Joplin da Obsidian.

Keep ba ya da nauyi, yana buɗewa da sauri, kuma yana ajiye rubutu a wayar har sabis ya dawo. Alamominsa su ne `Labels`, amma ba za su wuce 50 ba, kuma rubutu ɗaya yana cika a wajen haruffa 20,000. Babu littattafai a cikinsa, komai zube yake a allo ɗaya. Inda ya fi sauran shi ne hoto: yana karanta rubutun da ke cikin hoton da ka ɗauka, ta `Grab image text`, muddin hoton ya riga ya hau intanet. Shafin handawut da aka buga yana karantuwa da kyau, rubutun malami a allo kuwa sai an yi sa'a.

Simplenote rubutu zalla yake karɓa, ba a lika masa hoto ko PDF daga waya. Ga ɗalibin shari'a ko tarihi hakan na iya wadatarwa, mai zana ƙwayar halitta ko da'irar lantarki kuwa zai takura. Obsidian yana ajiye kowane rubutu a matsayin fayil a foldar wayarka, bincikensa na da ƙarfi, sai dai yakan ɗan jima kafin ya buɗe a waya mai ƙaramin RAM, kuma hanyarsa ta haɗa waya da kwamfuta ta kuɗi ce. Joplin ne ya haɗa ukun da muke nema a kyauta: ba ya neman rajista, yana da littattafai da alamomi, kuma duk rubutun yana cikin wayar. Shi ya fi dacewa da rubutun lakca, Keep ya zauna a gefe don hotuna da tunatarwa.

Kafin ka zuba aikin zango a kowace manhaja, gwada ta. Rubuta abu uku, sa wa kowanne alama, lika hoto a ɗaya. Kunna `Airplane mode`, rufe manhajar gaba ɗaya, kashe wayar ka sake kunnawa. Yanzu buɗe, nemi wata kalma da ke tsakiyar rubutun, taɓa hoton, sannan ka gyara layi ɗaya. In hoton ya fito babu komai ko binciken ya tsaya yana juyawa, to abin yana can a intanet ne, kuma haka zai yi maka daren jarrabawa.

Sai tsari, kuma a nan aka fi yin kuskure. Ɗauki ɗaliba 'yar aji biyu mai kwas takwas. A Joplin za ta buɗe littafi ɗaya ga kowane kwas, da lambarsa a haɗe, kamar `BIO201`. Kowace lakca rubutu ɗaya, kanunsa ya fara da kwanan wata sannan maudu'i. Alamomi kuwa kada su maimaita sunan kwas, tunda littafin ya riga ya yi wannan aikin. Aikinsu shi ne nuna halin da rubutun yake ciki, kuma huɗu ko biyar sun isa: `jarrabawa` ga abin da malami ya jaddada, `ban-gane-ba` ga inda take buƙatar tambaya, `aiki` ga asayimen, `na-bita` ga wanda ta gama maimaitawa. Wanda ya ƙirƙiri alama arba'in zai manta ko `gwaji` ya sa ko `tes`, rubutun da ya kamata su haɗu su rabu gida biyu.

Mako biyu kafin jarrabawa, sai ta rubuta wannan a wurin bincike:

```
notebook:BIO201 tag:jarrabawa -tag:na-bita
```

Zai fito mata da duk abin da aka jaddada a wannan kwas wanda ba ta bita ba tukuna. 'Yar karan da ke gaban `tag` ita ke cire waɗanda aka gama. Duk wanda ta karanta sai ta ƙara masa `na-bita`, jerin yana raguwa a gabanta.

A kwamfuta, binciken Joplin cikakkiyar kalma yake nema. In ka rubuta `photo` ba zai kawo maka `photosynthesis` ba, sai ka sa tauraro: `photo*`. Da yawa kan ɗauka rubutunsu ya ɓace alhali tauraron ne babu. Mai rubutu da Hausa kuma ya kula da haruffa masu lanƙwasa, domin ba ko'ina ne manhaja ke ɗaukar k da ƙ a matsayin harafi ɗaya ba. Tsaya a kan salo ɗaya, musamman a sunayen alamomi.

Rubutu ba ya cin wuri, shafi dubu bai wuce 'yan megabait ba. Hoto ne ke cika waya: goma a rana, kowanne megabait 3, cikin kwana ɗari ya kai giga 3. Idan Joplin ya tambaye ka ko ya rage girman hoto, ka amince, har yanzu za a iya karanta shi. Manyan PDF kuwa a bar su a katin memori, a rubuta sunan fayil ɗin kawai a cikin rubutun.

Mataki na ƙarshe shi ne kare aikin daga sata ko lalacewar waya. A `Configuration`, ƙarƙashin `Synchronisation`, zaɓi OneDrive mai giga 5 kyauta ko Dropbox mai giga 2, sannan ka kunna zaɓin yin hakan ta Wi-Fi kaɗai in data na yi maka tsada. A waya, Joplin yana tura rubutu ne lokacin da yake buɗe a gabanka, don haka danna `Synchronise` ka jira ya ce ya kammala kafin ka fita. In ka gyara rubutu ɗaya a waya da kwamfuta ba tare da haka ba, za ka ga wani littafi mai suna `Conflicts` ya bayyana. Buɗe shi ka kwafo abin da ya ɓace kafin ka share.

Wannan haɗin ba ajiya ba ce ta gaskiya, domin abin da ka goge a waya zai gogu a can ma. Duk ƙarshen wata ka fitar da komai a fayil ɗin JEX, wato fayil ɗaya da Joplin ke tattara duk rubutunka a ciki, ka tura wa kanka ta imel ko ka sa a filashi. Kuma idan wuri ya cika kana share-share, `Clear cache` ba ya taɓa rubutunka, amma `Clear data` ko cire manhajar zai tafi da duk abin da ba ka tura ba.