Kurakuran mai sauka Damagaram ranar Sallah

Na gaji da ganin baƙi tsaye a bakin filin jirgin Zinder, jaka a hannu, suna tambayar ina kowa ya tafi. Kowa ya tafi Idi.

Babban kuskure shi ne dogara da kalanda. Kalanda ba ta ganin wata. Azumi kwana 29 ne ko 30, sai daren 29 ake sani, kuma Nijar da Najeriya wani lokaci sukan saɓa da kwana ɗaya, don haka lissafin ɗan'uwanka na Kano ba zai fisshe ka ba.

Ni ya taɓa ci na. Na yanki tikiti daga Yamai a ranar da na lissafa 30 ga azumi, da niyyar in sa hannu a takardun wani fili in koma. Da dare aka ce an ga wata. Na sauka da hantsi, biro a rufe, banki a rufe, rumfunan Kasuwar Dole duk da kwaɗo. Hutun ya haɗe da ƙarshen mako, na yi kwana huɗu ina biyan masauki, tikitin komawa ya ƙone. Tun daga nan ba na sa tafiyar aiki tsakanin 28 ga azumi da kwana uku bayan Sallah.

Na biyu ya fi ba ni haushi, don ganganci ne: zuwa da katin banki da takardar jika goma guda. Wa zai yi maka canji ranar Sallah? Ɗan kabu-kabu ɗaya na samu, yaro da sabuwar shadda tana ƙamshin turare. Ya dubi kuɗin ya ce, "Alhaji, ko dala ashirin babu a aljihuna, duk na yi barka da Sallah." A ƙofar wani gida a Birni ya sauke ni, wani dattijo ya canza mini.

"Ɗana, ka ci abinci kuwa?"

"A'a, Baba."

Bai ƙara magana ba, ya sa aka fito da shinkafa da miyar kaji. Allah ya saka masa, amma kada wani ya yi shirin tafiya a kan alherin mutane! Ni yanzu jika ashirin nake riƙewa, 'yan jika-jika da 'yan dala ɗari.

Layin waya, ka saye shi tun Yamai. Maganin da kake sha, ka zo da abinka, kada ka tsaya neman farmasi mai gadi. Ranakun 3 ga Agusta da 18 ga Disamba ma hutu ne, su kuwa ba ruwansu da ganin wata.

In kuma ka riga ka sauka, kada ka kulle kanka a ɗaki. Ajiye jaka ka tambayi lokacin hawa, ka nufi ƙofar fadar Sarkin Damagaram da wuri, kafin dawaki su cika hanya.