Darasi na 7: Asusun Dala da Farashin Canji

Asusun da yawancinmu muka sani na naira ne. Akwai kuma wanda ake ajiye kuɗin waje a ciki, dala ko fam ko yuro. A banki ana ce masa asusun dom. Idan ka zuba dala 100, dala 100 za ta zauna, banki ba zai mayar da ita naira ba sai ka ce. Kowane kuɗi da asusunsa, ba a zuba yuro a asusun dala. Wajen buɗewa za a nemi BVN da NIN da hotonka, wasu bankuna kuma su ce ka kawo mutum biyu masu asusu su tsaya maka.

To, me ya sa farashin banki daban, na 'yan canji a Wapa ta Kano daban?

Dalar da ke shigowa Najeriya, wadda kaso mai yawa daga cinikin ɗanyen mai take fitowa, ba ta isar masu nema. Banki ba ya sayar wa mutum dala sai da dalili da takardu: fasfo da biza da tikitin jirgi ga matafiyi, takardar makaranta ga mai biyan kuɗin karatu. Ɗan kasuwar da bai cika sharaɗi ba, ko wanda ba zai iya jira ba, sai ya nufi ɗan canji. Shi ba ya tambayar takarda, nan take zai ƙirgo maka. Wannan sauƙin kake biya. Idan masu nema suka yi yawa, farashinsa ya tashi.

Duba farkon 2023. Babban Bankin Najeriya ya riƙe dala a wajen naira 460, a kasuwa kuwa tana wajen 750. Mai dala 100 zai samu naira 46,000 a banki, ko 75,000 a kasuwa. Bambancin naira 29,000 ne, kuma shi ya sa mutane suke cire dalarsu su kai Wapa. A watan Yunin 2023 aka saki farashin banki ya bi kasuwa, daga baya tazarar ta ragu sosai.

Ko a ina ne, farashi biyu ne: na saye da na sayarwa. Wanda za a saya a hannunka ya fi ƙasa, ribar mai canji tana tsakani. Saboda haka ka tambaya a fili, “Nawa za ka saya?” Ɗan canji yakan rage wa tsohuwar takardar dala 100 da ƙananan takardu farashi. Akwai kuma haɗarin jabu. Ka shafa takardar, ta gaske tana da kaushi a kafaɗar mutumin da ke jiki, sabuwar dala 100 kuma tana da shuɗin zare a tsakiya.

Aiki: a ce mai canji yana sayen dala naira 1,500, yana sayar da ita 1,520. Ka kawo dala 50 za ka canza. Da wane farashi za a yi maka lissafi, kuma naira nawa za ka karɓa?